Wakilin kamasho da kuɗin kafin alkalami

Wani ƙanenmu ya samu aikin tallan inshora, ba albashi sai kamasho, amma za a riƙa ba shi naira dubu 60 duk wata. Da ya nemi shawarar tsofaffin hannu, bakinsu ya zo ɗaya: kuɗin nan bashi ne a kan kamashon da bai ci ba tukuna.

Ɗayansu ta buga masa lissafi. Watan farko kamashonka dubu 20, ka karɓi 60, ana binka 40. Wata na biyu ka yi dubu 50, bashi ya koma 50. Wata na uku kasuwa ta buɗe ka yi dubu 150: a cire 60 na watan, a cire 50 na baya, rararka dubu 40 kacal. Nan ne sababbi ke ihun an cuce su, alhali lissafin daidai yake.

Inda suka fi jan kunnensa shi ne takardar yarjejeniya. Idan ya ajiye aiki da bashi a kansa, zai biya ne ko an yafe? Idan wanda ya sayi inshorar ya fasa bayan wata biyu, za a ƙwace kamashon da aka riga aka rubuta masa? Wani dattijo ya ƙara da cewa ya riƙa karɓar takardar lissafi duk ƙarshen wata, yana gwadawa da littafinsa.