Idan kaya sun makara: a sauke murya, a bar buƙata a tsaye

An nemi shawara kan yadda za a tausasa wasiƙar ƙorafi mai neman diyya zuwa ga dillalin da ya makara da kaya. Shawarar da ta fi yawa ita ce a cire duk jimlar da ke hukunta halin dillali, irin su "ba ku da amana", domin a kanta zai tsaya yana kare kansa, maganar diyya ta bi ruwa. A maye gurbinta da abin da ya faru: an yi alkawari ranar 3, kaya sun iso ranar 12, masu saye biyu sun janye.

Wasu sun so a sassauta buƙatar ma. A ganina kuskure ne. Wanda ya rubuta "ko za ku ɗan duba mana" haƙuri kawai za a ba shi. Gara a rubuta: "Muna neman ragin kashi 10 cikin 100, kamar yadda yarjejeniyarmu ta tanada, da amsarku kafin Juma'a." Kashedin sauya dillali kuwa, a ajiye shi sai wasiƙa ta biyu.