Layuka kore a fuskar waya bayan ta faɗi: canjin sikirin ne ko akwai sauran dabara?

Assalamu alaikum. Don Allah masana gyaran waya ku taimaka mini.

Wayata mai Android ce, sikirin ɗinta AMOLED. Ta faɗi a kan siminti ta gefen kusurwa, gilashin ko tsagewa bai yi ba, amma tun daga lokacin wasu siraran layuka kore biyu suka fito daga sama har ƙasa. Idan na rage haske kuma sai rabin fuskar na ƙasa ya riƙa ƙyaftawa. Taɓawa dai tana aiki lafiya lau, har a kan layukan.

Na kashe na kunna, na shiga Safe mode, layukan suna nan daram. Na ɗauki hoton fuskar da ita kanta wayar, na tura wa wata waya, hoton ya fito tas babu layi ko ɗaya. Har a Recovery mode da lokacin da tambarin kamfani ke fitowa ana ganinsu, shi ya sa ban yarda da masu cewa in yi Factory reset ba, don a ganina asarar hotunana kawai zan yi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na ɗan danna bayan wayar kusa da kyamara, ƙyaftawar takan tsaya na ɗan lokaci, amma layukan ko gezau. Wani mai gyara ya ce sai an canja sikirin gaba ɗaya, alhali ko buɗe ta bai yi ba.

Tunda dannawa na tsayar da ƙyaftawar, zai yiwu igiyar da ta haɗa sikirin da allon wayar ce kawai ta saki, ko kuwa layukan nan sun riga sun nuna sikirin ɗin ya mutu?

Na gode.