Yatsun Inna na mutuwa da dare, likita ya ce aiki

Maman Hanif: Salamu alaikum. Innarmu a Ƙofar Marusa, shekararta 54, ɗinkin hula take, tana da ciwon suga. Wata 8 ke nan babban yatsanta na dama da biyun da ke bi mashi suna mutuwa cikin dare, sai ta tashi ta yarfe hannun. Yanzu allura ma suɓuce mata take. Likita ya ce a yi aiki a wuyan hannu. Mu yarda?

Lawal Daura: Sanyi ne. A kai ta wanzami ya yi mata ƙaho.

Sista Binta: Malam Lawal, sanyi ba ya zaɓen yatsu. Maman Hanif, ki tambaye ta ƙaramin yatsa, za ki ji lafiyarshi lau, don jijiyarshi daban ce. Wadda ke kai ji ga sauran tana bi ta wani matsattsen lungu a wuyan hannu, ita da igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu. In suka kumbura, ita ake matsewa, jini ya rage isa gare ta, ta riƙa aika saƙon zogi da tsikari. Cikin barci hannu na lanƙwashe, shi ya sa dare ya fi. In matsin ya daɗe, rigar jijiyar ke lalacewa, sannan zarenta. Ki dubi tudun naman gindin babban yatsa, ki gwada da na hagu. In ya lotsa, lokacin jira ya wuce.

Dikko: Takalmin hannu dai, wanda ake ɗaurawa a wuyan hannu, N6,000 ne a kemis.

Hajiya Rabi: Ina? Wanda ke da ƙarfe a ciki ya haura N15,000.

Sista Binta: Mai ƙarfen ake so, ya riƙe hannun a miƙe, duk dare, kamar sati 6. Amma wannan na farkon ciwo ne. Aikin kuwa, murfin lungun ake tsagawa, hannun kawai ake kashewa, a cire zaren ɗinki cikin sati 2. A fara daidaita sugan.

Abu Mai Shayi: Kada ku bari a taɓa jijiya! Ɗan wana allura ɗaya aka yi mashi a ɗuwawu, yau jan ƙafa yake, takalmi ma zame mashi yake.

Lawal Daura: To kun ji. Wanzami dai bai taɓa gurgunta kowa ba.

Dikko: Malam Lawal, nawa wanzamin nan ke ba ka la'ada?

Sista Binta: Allah ya ba shi lafiya, Abu, amma wannan babbar jijiyar ƙafa aka soka. Allurar ɗuwawu a sama ta gefen waje ake yin ta, ba a tsakiya ba.

Hajiya Rabi: Wa ke koya wa yaran kemis ɗin ma? Jiya yana share shago, yau yana tsira wa mutane allura.

Maman Hanif: Na duba, Sista. Tudun ya ɗan faɗa. In an yi aikin zai ciko?

Abu Mai Shayi: Kuma har yau shagon a buɗe yake.