Don Allah a ba ni shawara: fassarar kundin ma'aikata ta tsaya mini a wuya

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina ofishin kula da ma'aikata a wata masana'antar robobi a Sharaɗa, Kano. Mutum 210 gare mu: yawanci Hausawa, sai Yarabawa da Ibo a ɓangaren injina, da wasu 'yan Nijar a wajen lodi. Sabon manaja ya zo bayan an sayar da wani kaso na kamfanin, wanda ya riƙe kujerar kafin shi ma bai bar komai a rubuce ba, shi ne aka ɗauko kundin dokokin aiki na wani kamfani aka gyaggyara. Shafi 46 ne, kalma kusan 14,000, duk Turanci. An ce kafin ƙarshen wata kowa ya sa hannu ya karanta ya fahimta. Na ba wani malamin makaranta ya fassara zuwa Hausa, ya kawo, amma babin ladabtarwa bai kwanta mini ba, kuma na kasa gane inda matsalar take. In raba haka, ko yaya?

Wani tsohon mai fassara: Wa alaikumus salam. Hajiya, kawo jimla ɗaya daga babin, wadda take magana a kan fashin aiki. A nan aka fi yin ɓarna.

Mai tambaya: Ya rubuta: "Duk wanda ya yi fashin kwana uku za a sallame shi."

Tsohon mai fassara: To ga matsalarki nan, uku a jimla ɗaya. Ki duba Turancin, na tabbata cewa ya yi kamfani *yana iya* ɗaukar matakin, ba *dole* ne ya ɗauka ba. "Za a" ta mayar da zaɓi ya koma wajibi. Ran da kuka yafe wa wani kuka kori wani, wanda aka kora zai ɗauko wannan takardar taku ta Hausa ya ce kun nuna bambanci. Na biyu, "kwana uku". Wanda bai zo Juma'a ba, Asabar da Lahadi kuma ba a aiki, ya dawo Litinin, kwana uku ya yi ko ɗaya? In ranakun aiki ake nufi, a ce ranakun aiki, kuma a ce a jere. Na uku shi ne mafi tsada. Sallama daban, kora daban. Wanda aka sallama ana ba shi wa'adi ko kuɗin wa'adin. Wanda aka kora kan babban laifi yana tafiya nan take. In mai fassara yana musanya kalmomin biyu don kada ya yi ta maimaici, ya rusa babin. Jimlar ta zama: "Ma'aikacin da bai zo ba ranakun aiki 3 a jere ba tare da izini ba, kamfani yana iya korar sa ba tare da wa'adi ba." Kafin a taɓa sauran, ki zauna da shi ku fitar da jerin kalmomi kamar 30: gargaɗin baki, gargaɗi a rubuce, gargaɗin ƙarshe, takardar tuhuma, dakatarwa da albashi, dakatarwa babu albashi, sallama, kora. Kowace ma'ana kalma ɗaya, daga shafin farko zuwa na ƙarshe.

Mai tambaya: Malam, Turancin "kwana uku" kawai ya ce, bai fayyace ba. Ba laifin malamin ba ne, mutumin kirki ne, kuma a mako ɗaya ya gama.

Tsohon mai fassara: Ashe gyaran daga Turancin zai fara. Mai fassara ba shi da hurumin zaɓar wa kamfani ma'ana. Ya rubuto tambaya, manaja ya amsa a rubuce, a gyara asalin, sannan a fassara. Batun mako ɗaya kuwa, ƙwararre yana yin kalma 1,500 zuwa 2,000 a yini a irin wannan rubutu. Kalma 14,000 kwana 7 zuwa 10 ke nan, ba a sa mai dubawa na biyu a lissafi ba.

Wani jami'in ma'aikata: Ni dai gani nake ana wahalar da ke. Ki sa layi ɗaya a shafin farko cewa in aka sami saɓani, na Turanci ne abin dogaro. Shi ke nan, ko fassarar ta karkace kun tsira.

Wata lauya: Yallaɓai, layin yana da amfani, a sa shi, amma ba garkuwa ba ce. In mutum Hausa kawai yake karantawa, kuma ku kuka miƙa masa ta Hausar, da wuya ku tsaya gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ku ce ya karya dokar da ke cikin takardar da ba zai iya karantawa ba. 'Yar'uwa, ni abin da ya fi damu na shi ne kundin aro ne. A gwada shi da Dokar Ƙwadago kafin a kashe kuɗin fassara. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sallama: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Sashe na 5 kuma bai yarda a ci tarar ma'aikaci daga albashinsa haka kawai ba. Ko asara ya jawo, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Kundinku yana da yankan albashi kan makara?

Mai tambaya: Akwai, amma Barista ai kowa a unguwar haka yake yi. Ba ni na rubuta ba, fassara kawai aka ce in kula da ita.

Wani ma'aikacin masaƙa: Allah Ya saka wa Barista. Mu a wajenmu layi aka jera mu muka dangwala yatsa, ko shafi ɗaya ba a karanta mana ba, sai ran biya ka ga an zaftare. Duk dabarar cin gumin talaka ce.

Wata mai horar da ma'aikata: Baba, yi haƙuri, abin da ka faɗa shi ne aka tsallake. Masu lodi da yawa ba sa karanta boko, wasu ajami suka iya. 'Yan Nijar kuma kada a ɗauka Faransanci suke so, a tambaye su, galibi Hausar baki ta fi musu. Yarabawa da Ibo na injina mafi yawa Turancin suke karantawa, sai dai a sauƙaƙa shi ko a yi bayani da burokin. A karanta babin ladabtarwa a naɗa, minti 10 zuwa 12, a saurara rukuni-rukuni na mutum 15 a farkon kowane juyin aiki. Sannan a gwada: a ɗauki mutum 6, a ce "Ba ka zo Juma'a da Litinin ba, me zai faru?" In amsoshi suka bambanta, jimlar ce ba ta fita ba. Wanda zai dangwala yatsa, a rubuta a takardarsa wa ya karanta masa, da wane harshe, ran nawa ga wata.

Tsohon mai fassara: A naɗa, amma rubutacciyar fassarar da aka amince da ita za a karanta, kalma da kalma. In aka bar kowane shugaban sashe ya yi bayani da ka, kun sami dokoki biyar. Kuma ni ban yarda a yi babi ɗaya a bar sauran ba. Hutu da rashin lafiya fa?

Mai horar da ma'aikata: Malam, shafi 46 wa zai zauna ya saurara? A fara da abin da ke raba mutum da aikinsa.

Tsohon mai fassara: In an fara da shi, a nan ake tsayawa.

Mai tambaya: Na gode duka. Gaskiya manaja ba zai yarda a taɓa Turancin ba, lauyan kamfani ya riga ya duba a cewarsa. Zan gyara "sallama" da "kora" in sa layin da Yallaɓai ya ce, naɗin kuma sai bayan an sa hannu. To wanda ya ƙi sa hannun fa, in rubuta masa takardar tuhuma?

Wata lauya: A kan wace doka, wadda bai karɓa ba tukuna?