Takardata ta kwana shida a teburin kontabul

Ƴar Yantala: Salamu alaikum. Ina aiki a wata ƙungiya nan Yamai. Litinin mai zuwa zan tafi misiyo Tawa, amma takardar kuɗin tafiyar tana wurin kontabul tun Larabar da ta wuce, bai sa hannu ba. Yau Talata. Na tura masa saƙo sau ɗaya, ya karanta, shiru. Dattijo ne, ya haife ni. Yaya zan tuna masa kada ya ga na matsa?

Inna Sakatariya: Ɗiyata, me kika rubuta a saƙon? In “ina jiran takardata” ne, kin ba shi laifi kawai, ba ki ba shi rana ba. Mai dosiye talatin a gabansa yana fara ɗaukar wadda ya san ranar da za ta ƙone.

Ki ƙirga daga baya. Juma'a rabin wuni ce, kuma bayan sa hannunsa sai darekta ya sa nasa kafin kesiye ya fitar da kuɗi. Ke nan ranarki ta gaskiya Alhamis ce da safe. Gobe ki je da ƙafarki bayan azahar, ba da sassafe ba lokacin da kowa ke kansa. Ki gaishe shi sosai, sannan ki ce: “Baba, takardar misiyon Tawa ce. Darekta zai sa hannu Alhamis don kuɗi su fita kafin Juma'a. Ko akwai abin da ya rage in kawo?” Tambayar ƙarshen nan ita ce maganin. Kin buɗe masa ƙofa ya amsa ba tare da kunya ba, kuma sau da yawa da gaske wani abu ne ya rage: odar misiyo babu tambari, ko kwanakin ba su dace da kuɗin ba. Ki riƙe kofin takardar a hannu, don tasa tana iya kasancewa ƙarƙashin tulin takardu.

Ɗan Adar: Ni dai imel zan sake turawa, in sa shef a kofi. Rubutu shi ne shaida.

Inna Sakatariya: Shaida gaskiya ne, ta tura layi biyu bayan sun yi magana. Amma shef a tuni na biyu? Wannan ƙara ce. Zai sa hannu yau, dosiyenta na gaba kuma ta sha zama. A bar shef sai Alhamis da rana in har shiru.

Malam Isufu: Ki haɗa masa da ɗan goro mana.

Ƴar Yantala: A'a Malam, ba irin wannan ba ne, aiki ne ya yi masa yawa.

Maman Biyu: Ni namu kontabul ɗin ma ba ya zama buro, yana Maraɗi sati guda ke nan. Na kira sau biyu bai ɗauka ba. Inna, wanda ba a samunsa da ƙafa fa?