Me za mu kira sautin da wuri ke yi da kansa? Neman kalma don darasin rubuta umarni

Mai Yankan Bidiyo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina shirya darasi da Hausa a kan rubuta umarni ga manhajojin da ke ƙirƙiro bidiyo tare da sautinsa, irin Veo 3 da Google ya fitar a watan Mayun 2025 da Sora 2 na OpenAI da ya biyo baya a ƙarshen Satumba. A jagorar Google an raba sauti gida uku: maganar da mutum zai furta, sai layin `SFX:` na ƙarar abin da ake yi a hoton, kamar rufe ƙofa, sai layin `Ambient noise:`. Na ukun nan ne ya tsaya mini a wuya. Shi ne sautin da kake ji a wuri ko ba wanda ya yi komai, kamar kukan gyare da dare ko gurnanin janareton maƙwabta. Na rubuta "sautin bayan fage" amma raina bai kwanta ba. Masu ilimi, a taimaka.

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam. Gara da ranka bai kwanta ba, ɗana. Duk mai kallon fim ya san "bayan fage" da abin da ke faruwa inda kyamara ba ta nunawa, wurin kwalliya da raha tsakanin 'yan wasa. Ɗalibi zai zaci surutun ma'aikata kake nufi. Ni "sautin muhalli" nake gani, tunda muhalli shi ne abin da ya kewaye mutum. Kuma in ka ɗauke ta ka huta, domin kukan gyare da ƙarar rufe ƙofa duk za su shiga cikinta, ba sai ka nemo kalma biyu ba.

Ɗan Damagaram:
Mu a nan ai da sauƙi, ambiyans muke cewa. In biki ya yi armashi, kiɗa na tashi, sai ka ji an ce wurin akwai ambiyans. Ku ɗauka kawai, kyauta ce daga Nijar.

Mai Yankan Bidiyo:
Mun gode da kyauta, aboki, amma taku ta shagali ce. Wadda nake nema har maƙabarta tana da ita.

Tsohon Mai Sauti:
Hajiya Malama, a gafarce ni, rabin maganarki na karɓa. Haɗa kukan gyare da rufe ƙofa a kalma ɗaya shi ne ainihin abin da ke ɓata wa masu koyo aiki, don ba iri ɗaya ba ne a wurin manhajar. Ƙarar ƙofa tana da lokaci: dole ta faɗo daidai sa'ad da ido ya ga ƙofar ta rufu, in ta yi jinkiri kaɗan mai kallo ya gane. Kukan gyare kuwa ba shi da farko ba shi da ƙarshe, shimfiɗa ce a ƙarƙashin komai. In ka cusa su a layi ɗaya, sau da yawa sai ka ji ƙofar tana ta bugawa a nesa ba dalili, ko gyaren ya yi kuka sau ɗaya ya yi tsit.

Bari in kawo misali. A ce mai shayi ne a bakin titi da asuba, guntun bidiyon daƙiƙa 8, wanda shi ne tsawon da Veo 3 ya fito da shi. Ga yadda zan rubuta:

```
Dawn, a roadside tea stall. An old man in a blue cap pours tea.
He says quietly: "Sit down, the water is hot."
SFX: tea poured from a height, a spoon clinks on a cup.
Ambient noise: stove hiss, a distant rooster, one motorbike far away.
No music. No subtitles.
```

Ku duba layi na huɗu. Ban rubuta "sautin titi" ba, na ambaci abubuwa uku da sunansu, na kuma faɗi nisansu. Risho yana kusa, zakara yana nesa, babur ya fi shi nisa. Nisan nan shi ke ba kunne faɗin wuri. In ka bar shi a dunƙule, manhajar za ta cike gurbin da abin da ta fi sabawa da shi, sai ka ji titin wani babban birni da jiniya da hon, alhali hotonka na unguwar da ba ta gama farkawa ba ne. Kada kuma a wuce uku ko huɗu. Daƙiƙa 8 ba ta ɗaukar tarkace, in sun yi yawa sai su danne muryar tsohon.

Kalmar da nake so ita ce "amon wuri". Muna cewa amon ganga, amon murya, wato abin da ke ci gaba da kaɗawa a kunne. Ta SFX kuma "ƙarar aiki", don aikin da ido ya gani ne ya haife ta.

Malamar Hausa:
Na yarda da rabuwar, Malam, ka fi ni sanin aikin. Amma "amo" yana ja zuwa amsa-kuwwa. Yaro zai ɗauka kana nufin yadda murya ke dawowa a cikin ɗaki mara kaya. Me ya hana "hayaniyar wuri"?

Tsohon Mai Sauti:
Hayaniya ta mutane ce, Hajiya, kuma tana da ƙarfi. Ɗakin da ba kowa ciki fa? A wurin ɗaukar fim, in an gama fitowa, mai sauti yakan ce kowa ya tsaya cak a naɗi shirun ɗakin na rabin minti ko minti guda, domin kowane ɗaki da irin shirunsa: fanka, firji, iska a jikin taga. Da shi ake cike tsakanin maganganu wajen yanka. In babu shi sai ka ji sauti ya mutu murus tsakanin jimla da jimla, kunne ya tsargu. Wannan ba za a kira shi hayaniya ba, amma ya shiga cikin abin da muke nema wa suna. Shi ya sa ko fitowar ɗaki ce ta shiru, ina rubuta `Ambient noise: quiet room, ceiling fan hum`, ba na barin layin fayau.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni ba ruwana da kalma. Tallar turaren wuta na yi da wata manhaja, matar da ke ciki ta faɗi maganar da na rubuta, sai kawai na ji jama'a sun fashe da dariya a baya kamar wasan barkwanci. Ga kuma wasu haruffa marasa ma'ana a ƙasan hoton. Me na yi ba daidai ba?

Tsohon Mai Sauti:
Ƙanwata, tambayarki ma tana cikin zancen. Dariyar nan alama ce ba ki faɗa wa manhajar a ina matar take ba ta fuskar kunne. Ta ga mutum ɗaya yana fuskantar kyamara yana magana, ta kamanta da shirye-shiryen da ake yi gaban 'yan kallo, ta ƙara musu dariyarsu. Ki ba ta amon shagon, ko da `quiet shop, soft street noise outside` ne, ki ƙara `no audience laughter`. Haruffan kuma kwaikwayon rubutun fassara ne da ta saba gani a ƙasan bidiyo. `No subtitles` yana rage shi, ba kullum yake kashe shi ba. Wasu sun fi samun sa'a in suka cire alamar zance suka bar ɗigo biyu kawai bayan `says`.

Sannan ki karanta maganar da bakinki kina duba agogo. In ta wuce daƙiƙa 6 ki rage ta, don a samu numfashi a farko da ƙarshe. In ta yi tsawo, matar za ta riƙa zuba kamar ana korar ta, ko a yanke ta a tsakiyar kalma.

Uwar Biyu:
To ai shi ke nan, jimla uku na ba ta. Allah ya saka da alheri, Baba. Da Hausa na rubuta ma, ƙamshi ya koma kamshi, muryar kuma kamar ta baƙuwar da ta haddace.

Mai Yankan Bidiyo:
Wannan ni ma na gani, Yaya. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka manhajar lalube take yi. Abin da nake yi shi ne in bar ta ta yi amon wuri da ƙarar aiki, in sa a ɗauki mutumin daga baya ko daga nesa yadda ba a ganin leɓe, sannan in ɗora muryar Bahaushe na gaske. Kun ga har na fara amfani da kalmomin Malam ban sani ba.

Saura kiɗa. Shi ma akwai wanda mutanen cikin fim ke ji, kamar rediyon mai shayi, akwai wanda mai kallo kaɗai ke ji.

Ɗan Damagaram:
Na biyun ai kiɗan taushi ne.

Malamar Hausa:
Ba kowane ne mai taushi ba, na fitowar faɗa fa? "Kiɗan rakiya" ya fi, tunda raka labari yake yi. Na rediyon kuma "kiɗan cikin fage". Inda aka ce ya shigo, a kira shi "mashigar kiɗa".

Tsohon Mai Sauti:
Kiɗan rakiya ya zauna daram, Hajiya. Na rediyo kuwa ni a layin amon wuri nake sa shi, in rubuta `a small radio playing faintly`, don ya fito siriri kamar daga ƙaramar lasifika. In ka rubuta shi a matsayin kiɗa kawai, zai fito cike da kunne ya hau kan magana.

Amma shawarata ga mai haɗa guntaye da yawa: kada ka nemi kiɗan rakiya daga manhajar sam. Kowane guntu daban ake ƙirƙirarsa, na farko ya zo da kiɗa mai sauri, na biyu da wani a wata murya dabam, in ka jera su sai kiɗan ya riƙa tsalle duk bayan daƙiƙa 8. Rubuta `No music` a kowanne, ka ɗora kiɗa ɗaya a wurin yanka. Amon wuri ma yana yin wannan tsallen, sai dai bai kai haka muni ba. Ka kwafi layinsa harafi da harafi zuwa kowane guntu na fitowa ɗaya, kada ka canza ko kalma. Yadda za ka gane ko ya yi: rufe ido ka saurari mahaɗar guntu biyu da abin sawa a kunne. In ka iya nuna inda aka yanka ba tare da ka kalla ba, sai ka shimfiɗa amo ɗaya dogo a ƙarƙashinsu duka, ka rage nasu.

Malamar Hausa:
Har yanzu dai ina kan "sautin muhalli" don rubutu. Jarida ba za ta buga "amon wuri" mutane su gane kai tsaye ba.

Ɗan Damagaram:
Muhalli kuma a kunnena ma'aikatar dashen itatuwa ce, Hajiya.

Mai Yankan Bidiyo:
A darasin zan sa ƙarar aiki da kiɗan rakiya, waɗannan ba gardama. Na ukun zan rubuta amon wuri, in ambaci sautin muhalli sau ɗaya a farko, in ga wadda ɗalibai za su riƙe. Malam, shirun ɗakin nan da ake naɗa, shi ma amon wuri ne ko yana son sunansa daban?

Tsohon Mai Sauti:
Mu dai a wurin aiki cewa muke "a ɗauki shiru". Ban taɓa jin wanda ya nemi ƙari a kai ba.