Ɗalibin Likita da Bayanin Ciwon Hanta da Hausa

Malam Mai Tambaya: Ni a ganina ɗalibin likita da ya tashi da Hausa a baki ba ya buƙatar darasin yi wa marar lafiya bayani. A ba shi jerin sunayen cututtuka da Hausa, shi ke nan.

Likitar Ciki: Malam, matsalar ba a sunaye take ba. A ɗauki wanda ya zo ba da jini, aka gwada aka ga yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ɗalibin ya san abin daram, amma da Turanci ya haddace shi. Sai ya dubi takarda ya ce, “Baba, gwajinka fozitib ne.” Mutane da yawa ba su san wannan kalma ba sai a kan ƙanjamau, don haka daga nan Baba ya daina jin sauran bayanin. In kuma ɗalibin ya ce “ƙwayar cuta ce” ya tsaya, mutumin zai wuce kemis ya sayi kafso, alhali bairos ne ke kawo nau'in B, kuma antibayotik irin su kafso ba ya taɓa bairos. Abin koyarwa shi ne tsarin maganar: a fara tambayarsa me ya taɓa ji game da ciwon, sannan a gaya masa abu uku kacal. Cutar tana jininsa, za a sake gwaji bayan wata 6 don a ga ko ta zauna, kuma a kawo iyali a gwada su.

Ɗan Aji Biyar: Dakta, ai da sauƙi. A ce masa shawara ce, kowa ya san ta.

Likitar Ciki: Ka yi daidai da ka nemi kalmar da ya sani, amma wannan za ta kai shi daji. Shawara alama ce, idon da ya yi ɗorawa, kuma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sikila da toshewar hanyar ɗaci duk suna kawo ta. Yawancin masu ɗauke da nau'in B idonsu fari tas. Zai duba madubi ya ce likita ya yi kuskure, ko ya koma jiƙe-jiƙe, wasunsu ma hantar suke ƙara wa nauyi.

Baban Yara: Wato so kuke a mayar da karatun likita gaba ɗaya Hausa? Wa zai fassara littattafan?

Sista Mai Kula da Ɗaki: A'a Alhaji, karatu yana nan da Turancinsa. Maganar minti biyar ɗin da ake yi da marar lafiya ce. Kuma a lura, “To, likita” ladabi ne, ba shaidar ganewa ba. A koya wa ɗalibi ya daina cewa “ka gane?” Ya ce, “Baba, in ka koma gida Hajiya ta tambaye ka me aka ce, me za ka gaya mata?” In amsar ita ce “an ce in ware kwanona,” bayani bai shiga ba, don ba a ɗaukar nau'in B ta cin abinci tare. Ta jini ne, da saduwa, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Shi ya sa ake yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24.

Likitar Ciki: Haka ma za a gwada ɗaliban. A zaunar da ɗalibi da wanda zai taka rawar marar lafiya, wanda ba ya jin Turanci sosai, a ɗauki muryarsu a waya. Bayan an gama, wani daban ya tambayi marar lafiyar me ke damunsa, me zai yi yanzu, yaushe zai dawo. Maki ya rataya a kan amsarsa, ba a kan daɗin Hausar ɗalibi ba. Sannan ɗalibin ya saurari kansa ya ƙirga kalmomin Turancin da suka kuɓuce masa.

Malam Mai Tambaya: To ɗalibin da ba Bahaushe ba fa? A kayar da shi saboda harshe?

Sista Mai Kula da Ɗaki: Shi a gwada shi a kan aiki da tafinta: jimla ɗaya ko biyu ya tsaya, ya kalli marar lafiya ba tafintan ba, kuma kada ya sa ɗan mutum ya fassara wa ubansa maganar saduwa.

Ɗan Aji Biyar: In marar lafiya ya tambaya ko ana warkewa fa? Maganin tenofobir danne cutar yake yi, ba ya kawar da ita, kuma ba kowa ake ɗorawa a kai ba.

Likitar Ciki: Ni zan ce, “Ba ta cika fita ba, amma ana riƙe ta kada ta lalata hanta.”

Sista Mai Kula da Ɗaki: Dakta, da ya ji “ba ta fita” a zaman farko, ba lallai ya dawo ba. Ni a bar wannan sai sakamakon wata 6 ya fito.

Likitar Ciki: In da bakinsa ya tambaya, Sista, ba zan koya wa ɗalibi kauce wa amsa ba.